Gyara Ɗaya, Shafi Tamanin: Tambayoyi da Amsoshi Kan Salon Kanun Magana da Sakin Layi a Word

Wannan shafi na haɗa shi ne daga tambayoyin da ɗalibai da abokan sana'a suke yawan yi mini a shagon buga takardu, musamman lokacin da ake rububin miƙa kundin bincike na ƙarshen karatu. Misalaina daga Microsoft Word na kwamfuta suke, amma can ƙasa na taɓo LibreOffice Writer da Google Docs. Sunayen da ke kan allo na bar su yadda za ka gan su, don kada ka sha wahalar nema.

Mene ne wannan salon da ake ta magana a kai?

Salo suna ne da aka ɗaure masa tarin umarni: wane fon, wane girma, wane launi, tazara nawa tsakanin layuka, a tsakiya ko a hagu. A Word za ka same su a shafin Home, cikin akwatin Styles, inda aka jera Normal, Heading 1, Heading 2, Title da sauransu. Idan ka sa wa wani layi Heading 1, laƙabi ka manna masa cewa shi kan babi ne. Kamanninsa kuma suna ajiye a wuri ɗaya, cikin bayanin Heading 1 ɗin. Ranar da ka canza bayanin, duk layin da ke ɗauke da laƙabin zai canza tare, ko biyar ne ko ɗari biyar.

Abin da yawancinmu muka saba yi shi ne kwalliyar hannu: ka shafa layi da linzami, ka danna B, ka ɗaga girma zuwa 14, ka kai shi tsakiya. A ido ya zama kan babi. A wurin Word kuwa har yanzu Normal ne, sai dai an yafa masa mayafi. Kusan duk matsalolin da za su biyo baya a wannan shafi daga wannan bambanci suka taso.

Ta yaya zan canza salo ɗaya ya shafi dukkan aikin?

Ka kai linzami kan Heading 1 a akwatin Styles, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Modify. Tagar Modify Style za ta buɗe. A tsakiyarta akwai wurin zaɓen fon da girma da launi da daidaita layi. Sauran abubuwan suna ƙarƙashin maɓallin Format da ke ƙasa ta hagu: Font don haruffa, Paragraph don tazara da shigar da layi ciki. Ka gama ka danna OK, shi ke nan.

Akwai hanya ta biyu ga wanda ya fi son ya gani da idonsa kafin ya yarda. Ka gyara kan magana guda ɗaya da hannu har ya yi maka yadda kake so, ka bar alamar rubutu a cikinsa, ka danna dama a kan sunan salon, ka zaɓi Update Heading 1 to Match Selection. Word zai kwashe kamannin wannan layi ya mayar da su na salon. Tana da sauri, amma tana kwasowa har da abin da ba ka lura da shi ba. Idan akwai wata tazara da ka taɓa sa wa layin makonni biyu da suka wuce ka manta, ita ma za ta bazu ko'ina. Ni dai na fi natsuwa da Modify.

Ka nuna mana da misali na gaske.

Wata ɗaliba ta kawo mini kundinta mai babi biyar, shafi 84. Kanun babi biyar ne, ƙananan kanu talatin da ɗaya, jadawali tara. Malamin da ke duba aikin ya rubuta da jan biro a bangon: Times New Roman 12, tazara biyu, kan babi a tsakiya da manyan baƙaƙe girman 14, kowane babi ya fara a sabon shafi. Duk kundin da hannu aka yi masa kwalliya, wasu kanun girman 14, wasu 16, ɗaya ma 13, don mutum uku ne suka buga shi a lokuta daban.

Ta ce mini, "Malam, jibi ne fa ranar ƙarshe, kuma na kwana biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Ki zauna ki gani, ba za mu kai la'asar ba in Allah ya so."

Na fara ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, saboda ba a taɓa aikin mutum ba tare da an bar hanyar komawa ba. Sai na bi kanun babi biyar ɗin, kowanne na sa alamar rubutu a cikinsa na danna Ctrl+Alt+1. Ƙananan kanun kuma Ctrl+Alt+2. A wannan lokacin aikin ya ƙara muni, domin kanun sun koma shuɗaye da fon ɗin da Word ya zo da shi, har ta kama haɓa. Ban kula ba, laƙabi kawai nake mannawa.

Da na gama, na buɗe Modify na Heading 1: Times New Roman, 14, B, launi Automatic, a tsakiya. Na shiga Format, Font, na sa alama a All caps. Na koma Format, Paragraph, na sa Before 0 pt, After 12 pt, sannan a shafin Line and Page Breaks na sa alama a Page break before. Da danna OK, babi biyar suka miƙe kowanne a saman sabon shafi. Heading 2 na ba shi 12, B, baƙi, a hagu, Before 12 pt, After 6 pt. Jikin rubutun na mayar da shi Body Text, na sa masa Line spacing Double da Alignment Justified.

Manna laƙabin ne ya ci lokaci, kusan minti arba'in. Gyaran salon kansa bai kai minti biyar ba. Washegari malamin ya canza shawara ya ce tazarar ta koma 1.5 saboda kaurin kundin ya yi yawa. Ita da kanta ta yi wannan gyaran: Modify, Paragraph, 1.5 lines, OK.

Na canza salon amma wasu wurare sun ƙi canzawa. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma dalilinta ɗaya ne cikin biyu.

Na farko, wurin ba ya ɗauke da salon tun asali. Yana kama da kan magana ne kawai. Ka gane haka ta hanyar sa alamar rubutu a cikin layin ka duba wane suna ne ya haskaka a akwatin Styles. Hanya mafi sauri ita ce View, ka sa alama a Navigation Pane. Jerin kanu zai fito a gefen hagu, kuma duk wanda ba ka gani a jerin ba, to Word bai san shi a matsayin kan magana ba.

Na biyu, yana ɗauke da salon, amma an yi masa kwalliyar hannu a sama. Ƙa'idar Word ita ce abin da ka sa da hannu yana rinjayar abin da salo ya ce. Idan salo ya ce Times New Roman, kai kuma ka taɓa shafa sakin layin ka zaɓa masa Arial, to Arial zai zauna daram komai yawan Modify da za ka yi. Ka danna Shift+F1, tagar Reveal Formatting za ta buɗe a dama. Ka sa alama a Distinguish style source da ke ƙasanta, za ta raba maka abin da ya zo daga salo da abin da aka sa da hannu.

Maganinsa maɓallai biyu ne. Ctrl+Q yana goge kwalliyar hannu ta sakin layi, wato tazara, shigar da layi, daidaitawa. Ctrl+Space yana goge ta haruffa, wato fon, girma, launi, kauri. Ka shafa wurin da ya ƙi, ka danna su, zai koma bin salonsa.

To in shafa dukkan aikin in danna Ctrl+Space kawai?

A'a, yi a hankali. Ctrl+Space ba ya bambance kwalliyar banza da mai amfani. Zai miƙar da sunayen littattafan da ka karkatar a jerin manazarta, da sunayen tsirrai na kimiyya, ya sauko da ƙaramin 2 na m² ya zauna a kan layi. Na taɓa yi wa wani ɗalibin noma haka ina cikin sauri, sai da na kwashe yamma guda ina mayar da sunayen ciyayi.

Dabarar da nake yi yanzu ita ce in yi wa karkatattun kalmomin shaida tukuna. Launin da ake shafa wa rubutu da Highlight ba ya goguwa da Ctrl+Space. Don haka nakan zaɓi ruwan ɗorawa a alƙalamin Highlight, in buɗe Ctrl+H, in danna More, a akwatin Find what in zaɓi Format, Font, Italic, a akwatin Replace with in zaɓi Format, Highlight, in bar akwatunan biyu babu rubutu, in danna Replace All. Bayan na yi sharar, sai in juya: in nemi Highlight in mayar da shi Italic, daga ƙarshe in cire launin. Kafin kowane sabon nema ka danna No Formatting a akwatunan biyu, in ba haka ba sharaɗin da ya gabata yana nan maƙale.

Me ya sa ka yi amfani da Body Text? Ai Normal yana nan.

Saboda Normal uba ne. A tagar Modify Style akwai layin Style based on, kuma idan ka duba za ka tarar kusan duk salon sakin layi daga Normal suka samo asali: kanun magana, rubutun saman shafi da na ƙasa, bayanin hoto, har rubutun cikin jadawali a Normal yake zaune. Ɗa yana gadon duk abin da uba yake da shi, sai abin da aka keɓe masa nasa.

Ga yadda abin yake a aikace. Ka sa wa Normal Special: First line don kowane sakin layi ya fara a ɗan ciki. Nan take kanun maganarka ma za su shige ciki, kan babin da ke tsakiya ya ɗan karkata dama, alƙaluman cikin jadawali su matsu a gefe. Ka sa masa Double, jadawalin da yake rabin shafi ya koma shafi guda. Amma idan fon ka canza a Normal, kanun ba za su bi ba, domin su an keɓe musu nasu fon ɗin. Shi ya sa mutum zai ce ya canza komai zuwa Times New Roman amma kanu sun ƙi.

Shawarata: a Normal ka sa abin da kake son kowa ya gada, wato fon da girma. Tazara biyu da shigar da layin farko da Justified ka kai su Body Text. Idan ba ka gan shi a akwatin Styles ba, danna Ctrl+Shift+S, ka rubuta Body Text, ka danna Enter. Maɓallin Modify yana nan a wannan ƙaramar tagar.

Jerin aikin yana da muhimmanci a tsohon fayil. Ka fara ba kanu salonsu, ka ba jadawali nasa, ka ba shafin bango da manazarta nasu. Abin da ya rage a Normal shi ne jikin rubutu. Sannan ka danna dama a kan Normal ka zaɓi Select All, ka sa musu Body Text gaba ɗaya. Idan ka fara da wannan matakin, har jadawalin zai kwasa.

Mene ne amfanin Style for following paragraph?

Shi ke faɗin salon da za ka faɗa idan ka danna Enter. A Heading 1 da Heading 2 ka mayar da shi Body Text, don da ka gama rubuta kan magana ka sauko, ka ci gaba da jikin rubutu ba sai ka zaɓa ba. Sabon rubutu kawai yake shafa, ba ya taɓa wanda aka riga aka buga.

Kanuna sun fi ɗari. Dole sai na bi su ɗaya bayan ɗaya?

Idan an yi musu kwalliya iri ɗaya, a'a. A ce duk ƙananan kanun masu kauri ne girman 14. Ka sa alamar rubutu a ɗaya, ka je Home, Select, ka zaɓi Select Text with Similar Formatting, duk za su haskaka, sai ka danna Heading 2 sau ɗaya. Ko kuma ta Ctrl+H: a Find what ka sa Format, Font, Bold da 14, a Replace with ka sa Format, Style, Heading 2.

Sai dai kada ka yi gaggawar Replace All. Idan akwai kalma mai kauri girman 14 a tsakiyar wani sakin layi ko a shafin bango, ita ma za ta shiga cikin kanu. Bayan ka gama ka leƙa Navigation Pane. In ka ga jimla mai layi uku ta fito a jerin, ka san an kama wanda ba shi da laifi, ka mayar da shi. Irin kundin da na ba da labarinsa a sama, mai 13 da 14 da 16 a gauraye, da hannu ya fi sauri.

Ina danna Enter sau biyu don in bar tazara, ina kuma danna shi har babi ya sauka sabon shafi. Laifi ne?

Shi ne abin da ke wargaza aiki ranar da aka canza salo. Kowane Enter sakin layi ne cikakke wanda babu komai a ciki, kuma yana da tsayin salonsa. Ka danna Ctrl+Shift+8 za ka gan su jere kamar ¶ ¶ ¶. Ranar da tazara ta tashi daga ɗaya zuwa biyu, su ma tsayinsu zai ninka, babi na uku ya faɗo tsakiyar shafi, wani shafin ya fito fari fat.

Tazara tsakanin sakin layi aikin Before da After ne a cikin salo. Sabon shafi aikin Page break before ne. Don share tsofaffin, a Ctrl+H ka rubuta wannan, na sama a Find what, na ƙasa a Replace with:

```
^p^p
^p
```

Ka maimaita Replace All har sai ya daina samun abin canzawa. Ka ware shafin bango da na sa hannu kafin ka yi, don su yawanci da Enter aka tsara su. Idan kuma akwai tsofaffin Page Break da aka sa da Ctrl+Enter kafin kowane babi, ka cire su, tunda salon ya ɗauki wannan aikin.

Akwai wani abu da ke tuntuɓe da mutane a nan. Kan babi a kundin bincike yakan zo layi biyu: BABI NA ƊAYA a sama, GABATARWA a ƙasa. Idan ka raba su da Enter kuma duka biyun Heading 1 ne, kowanne zai nemi nasa sabon shafin, ka sami shafi guda babu komai a kai sai BABI NA ƊAYA. Ka raba su da Shift+Enter. A ido layi biyu ne, a wurin Word sakin layi ɗaya.

Kan magana yana maƙalewa a ƙasan shafi, bayaninsa ya tsallaka na gaba.

Modify, Format, Paragraph, Line and Page Breaks, ka sa alama a Keep with next. Kanun da Word ya zo da su suna da wannan alamar tun asali. Idan duk da haka abin yana faruwa, duba da kyau, akwai Enter maras komai tsakanin kan da bayaninsa. Kan ya riƙe na gaba da shi kamar yadda aka umarce shi, sai dai abin da ya riƙe ɗin fanko ne.

Na ga wani akwati Automatically update. In sa masa alama?

Kada ka sa. Ma'anarsa ita ce duk kwalliyar hannu da ka yi wa sakin layi ɗaya, Word ya ɗauke ta a matsayin sabon bayanin salon. Ka kai sakin layi ɗaya tsakiya, sai ka ga duk kundin ya koma tsakiya. Idan ka gaji fayil mai wannan halin, alamarsa ke nan: gyara ɗaya yana bazuwa ba ka nema ba, kuma Ctrl+Z sau ɗaya yana janye bazuwar ya bar maka gyaranka. Ka shiga Modify na salon ka cire alamar.

Ƙasa da shi akwai zaɓi biyu. Only in this document yana tsare gyaran a wannan fayil. New documents based on this template yana rubuta shi a cikin samfurin da fayil ɗin ya fito, wanda yawanci shi ne Normal.dotm, don haka duk sabon fayil da za a buɗe a wannan kwamfutar zai zo da shi. A kwamfutarka wannan alheri ne: tun 2007 Word ya bar Times New Roman ya koma Calibri, sababbin fitowa kuma suka koma Aptos, ga shi makarantu da yawa har yau Times New Roman suke nema. A kwamfutar shago ko ta ofis kuwa, ka tambayi mai ita tukuna.

Yaya batun jerin abubuwan da ke ciki da lambobin kanu?

Nan ne wahalar manna laƙabi take biya. References, Table of Contents, ka zaɓi ɗaya daga na Automatic, Word zai tattaro Heading 1 zuwa 3 da lambobin shafinsu. Bayan kowane gyaran salo shafuka suna motsawa, don haka ka danna cikin jerin, ka danna F9, ka zaɓi Update entire table. Kada ka gyara kamannin jerin da hannu, sabuntawa za ta iya shafe wahalarka. Shi ma yana da nasa salon, TOC 1 da TOC 2 da TOC 3, su za ka yi wa Modify.

Lambobi irin 1.1 da 2.3.1 su ma ana ɗaure su da salo: Home, Multilevel List, Define New Multilevel List, More, sannan a Link level to style ka haɗa mataki na 1 da Heading 1, na 2 da Heading 2. Daga nan in ka cusa sabon kan magana a tsakiya, na ƙasa za su gyara lambarsu da kansu. Amma fa sai ka goge lambobin da aka buga da hannu, in ba haka ba za ka ga 2.1 2.1 a jere. Gaskiya idan kundi ya riga ya kammala kuma saura kwana ɗaya, nakan bar lambobin hannun yadda suke.

Na kwafo rubutu daga wani fayil, sai ya zo da nasa kamannin.

Lokacin mannawa ka danna dama ka duba Paste Options. Keep Source Formatting yana shigo da kamannin can, shi ne mai kawo rikici. Use Destination Styles yana sa Heading 1 na can ya ɗauki kamannin Heading 1 na nan, shi ya fi dacewa in babi-babi ne aka buga a fayil daban kuma duk an yi amfani da salo. Keep Text Only yana zubar da komai ya bar haruffa zalla, shi nake zaɓa ga duk abin da aka ɗauko daga intanet ko PDF. Rubutun PDF kuma yakan zo da Enter a ƙarshen kowane layi, wanda babu salon da zai gyara shi sai an cire.

Na canza fon a salo, sai ƙ da ɗ da ɓ suka lalace.

Iri biyu ne. Idan haruffan suna nan amma sun fita daban da 'yan uwansu, sun fi siriri ko sun fi tsayi, to sabon fon ɗin ba shi da su, Word ya aro daga wani. Kafin ka ɗora fon a kan salo, ka gwada shi da layi ɗaya mai ɗauke da ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ.

Idan kuwa sun rikiɗe sun koma baka ko wata alama daban, to da tsohon fon na Hausa aka buga aikin, irin waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi. Muddin fon ɗin yana kai, ƙ kake gani. Da ka canza shi, asalin alamar ta bayyana. Gwajin yana da sauƙi: ka sa alamar rubutu bayan harafin ka danna Alt+X. Ƙaramar ƙ ta gaskiya za ta nuna 0199, ɗ ta nuna 0257, ɓ ta nuna 0253. Ka sake danna Alt+X ta dawo. In wata lamba ka gani, sai ka bi da Ctrl+H ka musanya kowace alama da harafin gaskiya, tare da sa alama a Match case, ka kuma lura da wuraren da alamar take aikinta na asali.

Tunda muna kan Hausa: jan layin da ke cika shafi a ƙarƙashin kowace kalma shi ma ta salo ake kashe shi. Modify, Format, Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar.

Akwai abin da salo ba zai iya canzawa ba?

Akwai. Faɗin gefen takarda, girmanta A4, tsaye ko kwance, da lambobin shafi na i, ii, iii a shafukan farko, duk ba na sakin layi ba ne. Suna ƙarƙashin Layout da Insert, kuma sashe-sashe ake tsara su. Rubutun da ke cikin hoto, ko jadawalin da aka manno a matsayin hoto, shi ma ba ya jin kiran salo.

Ni LibreOffice ko Google Docs nake amfani da shi.

A LibreOffice Writer ka danna F11, jerin salo zai fito a gefe. Ka danna dama a kan suna ka zaɓi Modify, ko Edit Style a sababbin fitowa. Ctrl+1 da Ctrl+2 su ne na kanu, Ctrl+M yana goge kwalliyar hannu. Akwai abu ɗaya da ya fi Word a nan: duk kanun suna gado daga wani salo mai suna Heading kawai, don haka in ka canza fon a wurinsa, matakan duka sun canza lokaci ɗaya.

Google Docs hanyar misali kawai ya sani. Ka gyara kan magana ɗaya, ka je Format, Paragraph styles, Heading 1, ka zaɓi Update 'Heading 1' to match. Ctrl+\ ne mai sharar kwalliyar hannu. Salon nasa ƙididdigaggu ne: Normal text, Title, Subtitle da kanu shida. Idan ka sauke fayil ɗin a matsayin .docx laƙabin kanun yana biyo shi, sai ka ƙarasa sauran a Word.

Yaya zan kai salon da na gyara zuwa wani fayil?

In sabon aiki za ka fara, ka ɗauki kwafin wanda ka gyara, ka goge rubutun ciki, ka yi Save As ka zaɓi Word Template, zai ajiye da .dotx. Duk lokacin da ka danna shi sau biyu, sabon fayil zai buɗe da salonka a shirye, samfurin kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Ni ina da guda uku a shago, kowanne da sunan tsarin da ake yawan nema, sai ɗalibi ya faɗi sashensu in buɗe wanda ya dace.

In kuwa fayil ɗin ya riga ya wanzu, ka danna Ctrl+Alt+Shift+S, ka shiga Manage Styles, ka danna Import/Export. Tagar Organizer za ta nuna fayil biyu gefe da gefe. A ɓangaren dama ka danna Close File, sannan Open File, ka canza nau'in da ake nema zuwa All Files don ka ga fayilolin .docx, ka buɗe wanda ke da salon da kake so. Ka zaɓi sunayen, ka danna Copy zuwa ɗaya ɓangaren, in ya tambaye ka ko ya maye gurbin na ciki ka ce Yes to All. Duk sakin layin da ke ɗauke da waɗannan sunaye zai ɗauki sabon kamanni nan take, ban da wuraren da kwalliyar hannu ta danne, waɗanda sai ka bi su da Ctrl+Q da Ctrl+Space.